Ina Farar Za Ta Tsaya?

A rumfar sunukar da nake leƙawa bayan sallar isha'i akwai wani saurayi mai ido. Duk ƙwallon da ya sa wa ƙahon zuƙa sai ta ga rami, ko daga wane lungu take. Amma kusan kullum shi ke biyan kuɗin teburi. Zai jefa ƙwallo mai wuya, 'yan kallo su yi shewa, kafin shewar ta lafa farar ta gangara ta faɗa ɗaya ramin, ko ta je ta lafe bayan ƙwallon abokin karawarsa. Sai ya buga gindin sanda a ƙasa ya ce yau babu sa'a. Wani dare wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ke zama a bakin ƙofa da kofin shayinsa, ya gaji da jin wannan magana.

"Yaro, ba sa'a ba ce," in ji shi. "Kai wadda za ka ci kake kallo. Ita farar wa ka bar wa kiwonta?"

"To Baba, ai in ta bar sanda ta fita hannuna."

"A'a. Tun kafin ta bar sandar ka gaya mata inda za ta. Ba ka dai san abin da ka ce mata ba."

Wasan da muke kira sunuka a yawancin rumfunanmu, mai ƙwallo 15 da fara ɗaya, Turawa ful suke ce masa. Sunukar asali teburinta ya fi girma, tsawonsa ƙafa 12, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi shida. Amma farar ƙwallo halinta ɗaya a kan kowanne, kuma halin nan ba shi da yawa. Wanda ya gane shi zai daina ɗora wa sa'a laifi.

Farar ba kullum mirginawa take ba

Duk wanda ya yi wasan gare yana yaro ya riga ya san rabin karatun. Ka ɗauki tsohuwar tayar keke ka wurga ta gaba, amma ka fizgo ta da hannu yadda za ta riƙa juyawa baya. Za ta tafi tana kurɓar ƙasa, ta tsaya, sannan ta juyo ta dawo gare ka kamar an kira ta. Tafiyarta daban, juyinta daban, ƙasa ce ke sasanta su.

Haka farar take a kan ƙyallen teburi. In bakin sanda ya same ta a tsakiya, ba mirginawa take farawa da shi ba, sulɓi take yi, fuskarta ɗaya na kallon gaba, sai daga baya gugar ƙyalle ta sa ta fara mirginawa. In ya same ta sama da tsakiya, da mirginawa take tashi. In ya same ta ƙasa da tsakiya, tana tafiya gaba amma tana juyawa baya, irin na garen nan. Sai dai ƙyalle ba ya barin wannan hali ya daɗe. Yana cin juyin bayan nan kaɗan-kaɗan har ya ƙare, ƙwallon ta yi ɗan sulɓi ba juyi ko kaɗan, sannan ta koma mirginawa gaba kamar ba a taɓa dukan ta a ƙasa ba. Kowace ƙwallo, in aka ba ta isasshen fili, ƙarshenta mirginawa gaba.

Abin da ya fi ruɗa sababbin hannu ke nan. Ƙwallon da za a ci ba ruwanta da inda sandarka ta taɓa farar. Abin da ke aiki shi ne juyin da ya rage a jikin farar a daidai lokacin da suka yi karo.

Mu fara da bugu mafi sauƙi, inda farar da ƙwallon da ramin suke a layi ɗaya. Nauyin ƙwallayen ɗaya ne, don haka idan suka yi karo gaba da gaba, farar tana miƙa wa ɗayar kusan dukkan gudunta. Amma ba ta miƙa mata juyinta, domin jikinsu da santsi, kuma haɗuwar ba ta kai ƙiftawar ido ba. A wannan ɗan lokaci farar ta zama marar gudu, sai juyin da ta zo da shi. In ta iso tana sulɓi, ba ta da komai a hannu, sai ta tsaya cak a wurin. In ta iso tana mirginawa, za ka ga ta ɗan dakata tana juyi a wuri ɗaya, sai ƙyalle ya kama ta, ta bi bayan wadda ta daka. In kuwa ta iso da juyin baya, sai ƙyallen ya kama ta ta dawo wajenka. Na farkon tsayarwa ke nan, na biyu bi, na uku ja baya, wanda 'yan wasan Ingila ke kira sukuru.

Bi ya fi kowanne sauƙi, domin shi ne ɗabi'ar ƙwallo. Farar da ta iso da cikakkiyar mirginawa takan ƙara tafiyar kusan kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na nisan da wadda aka daka za ta yi in ba abin da ya tare ta. Wato nisan bi ƙarfin bugu ne ke yanke shi, ba sai ka hau can ƙoƙon kan ƙwallon ba. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa, in suna da zaɓi, suka fi son bi a kan ja baya.

Ja baya kuwa yana da abokin gaba, shi ne nisa. In tsakanin farar da ƙwallon taki ɗaya ne, ɗan duka ƙasa da tsakiya ya isa. In rabin teburi ne, wannan dukan da ya ja baya ɗazu yanzu tsayarwa kawai zai yi, domin ƙyalle ya cinye juyin a hanya. In tsawon teburi ne kuma ka buga a hankali, za ka daki ƙasa ka ga farar ta bi, ka riƙa zargin sanda. Nisa in ya ƙaru, dole ka ƙara sauka ƙasa, ka ƙara gudu, don juyin ya kai inda za a yi amfani da shi. Mai son ya gani da idonsa ya ajiye farar, ya ɗauki ƙwallo mai zane, ya kwantar da zanen a gicciye, ya dake ta a ƙasa. Zai ga zanen yana juyawa baya, ya tsaya, ya koma gaba. Wurin da zanen ya tsaya, nan ne iyakar ja bayansa a wannan ƙarfin.

Sauka ƙasan ma tana da iyaka. Ƙwallon ful irin ta Amurka faɗinta milimita 57 da 'yan kai. Daga tsakiyarta zuwa baki rabin haka ne, kuma rabin wannan rabin, wato kamar milimita 14, shi ne iyakar inda bakin sanda ke iya kama ta. Ka wuce nan, sai ka ji ƙas, sanda ta goce, farar ta yi tsalle ko ta tafi inda ta ga dama, rumfa ta ɗauki dariya. Mutane da yawa da ja baya ya gagara ba sa ma kusantar wannan iyaka. Suna saita ƙasa, amma tsoron yaga ƙyalle ya sa a bugun ƙarshe hannu ya ɗago, sandar ta sami tsakiya. Shaidar tana nan a jikin farar: goge ta tas, ka shafa alli sosai, ka buga, sannan ka ɗauko ta ka duba inda tabon allin ya zauna. Magani shi ne ka sauke hannun da sandar ke bi ta kansa, ba ka ɗaga gindin sanda ka soki ƙwallon daga sama ba. Sandar ta kwanta iya yadda za ta kwanta, kuma ta ratsa ta wuce inda farar take zaune. Masu fizge sanda baya da sauri, wai don farar ta biyo ta, wahala kawai suke sha. Farar ta bar bakin sanda tun kafin hannu ya san an taɓa ta.

Duk wannan bai yiwu ba sai da aka sa wa sanda fata a baki. Da can itace ne tsura, wanda ba ya kama ƙwallo sai a tsakiya. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake jingina wa ƙirƙirar bakin fata mai zagaye, a farkon ƙarni na 19, bayan ya shafe shekaru a kurkuku yana gwaji a kan teburi. A 1835 kuma masanin lissafin nan na Faransa, Gaspard-Gustave Coriolis, wanda ɗaliban kimiyya suka sani da bayanin yadda juyawar duniya ke karkatar da iska, ya wallafa littafi sukutum a kan lissafin wannan wasa. Abin da dattijon rumfarmu ya koya da hannu, an rubuta shi da alƙalami kusan shekara 200 da suka wuce.

Layin gicciye

Bugun kai tsaye ba shi da yawa a wasa. Galibi yanka ake yi, farar ta sami ƙwallon a gefe. Nan ne ƙa'ida ɗaya take zaune, wadda in mutum ya riƙe ta sauran duk rassa ne.

Ka ja layi a zuciyarka daga ƙwallon zuwa ramin da za ta faɗa. Sannan a daidai inda farar za ta kasance lokacin karo, ka ja wani layin da ya gitta na farko, su yi kusurwa irin ta lungun ɗaki, digiri 90. Wannan shi ne layin gicciye. Duk farar da ta yanki ƙwallo, a kan wannan layi take fara fita, ko da wane juyi ta zo. Dalili shi ne ta ba wa ɗayar duk gudun da ke fuskantar rami, abin da ya rage mata shi ne na gicciye. In ta iso tana sulɓi, za ta zauna a kan layin har ta tsaya ko ta sami bango. In ta iso tana mirginawa, za ta fara bin layin, sai juyin ya lanƙwasa ta gaba. In da juyin baya ta zo, ya lanƙwasa ta baya. Sama da ƙasa ba wani abu suke yi ba illa su cire farar daga wannan layi, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya.

Ana iya auna layin da hannu. Buɗe babban yatsa da manuni su yi lungu, ka nuna rami da ɗaya, ɗayan zai nuna maka hanyar farar. In ya nuna wani rami, an gargaɗe ka.

Farar da ke mirginawa ma tana da nata ma'auni, kuma abin mamaki ne yadda bai cika canjawa ba. David Alciatore, tsohon farfesan injiniya a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan wasan a 2004, shi ya yaɗa shi da sunan ƙa'idar digiri 30. Matuƙar farar ta rufe tsakanin kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙwallon da ta daka, za ta kauce daga hanyar da ta taho da kusan digiri 30. Ya ce mutum ya ware manuni da ɗan tsakiya kamar mai nuna biyu, ɗaya ya bi hanyar da farar ta taho, ɗayan zai nuna inda za ta. A rabin ƙwallo, wato in ka saita tsakiyar farar a kan gefen ɗayar, kaucewar ta fi yawa, takan kai kusan 34.

Ƙarfin bugu kuma yana da nasa aiki, kuma ba wanda mutane ke zato ba. Ba ya canja inda farar za ta fuskanta a ƙarshe. Abin da yake canjawa shi ne tsawon zamanta a kan layin gicciye kafin ta lanƙwasa. A hankali, nan take take karyawa. Da ƙarfi, sai ta yi nisa a gicciye tukuna.

Bugun da ya ci saurayin

Ga yadda ƙwallayen suka zauna a daren da dattijon ya tanka. Teburin irin matsakaicin nan ne, filinsa kamar mita biyu a tsaye, ɗaya a kwance. Saurayin yana tsaye a wannan kan, saura masa ƙwallo ɗaya kafin baƙa. Ƙwallon tana can ɗaya kan, kamar santimita 60 daga bangon can, 35 daga bangon dama. Farar tana tsakiyar teburi, a inda zai buga ta miƙe sambal tare da dogon bango, ta sami ƙwallon rabi a gefenta na hagu, ta tura ta ramin lungun dama. Yanka ne na digiri 30, wanda ba ya ba shi tsoro. Baƙar kuwa tana nan kusa da inda yake tsaye.

Ƙwallon za ta dama, don haka farar hagu za ta yi. Tambayar ita ce hagu ina. Da ya tsayar da ita sosai, wato ta iso tana sulɓi, da ta bi layin gicciye, digiri 60 daga hanyarta, ta daki dogon bangon hagu kamar santimita 30 kafin lungu. Da ya bar ta ta mirgina a hankali, da ta kauce digiri 34, ta daki bangon can kamar taki ɗaya daga lungun hagu. Duka biyun lafiya lau. Amma dubi abin da ke tsakaninsu. Ramin lungun hagu yana zaune a wajen digiri 44 daga inda aka yi karo, wato a tsakanin hanyar sulɓi da hanyar mirginawa.

Shi kuma me ya yi? Abin da yake yi kullum: ya daki tsakiya da matsakaicin ƙarfi. Farar ta tashi da sulɓi, a hanya ta fara mirginawa, ta iso ba ta gama zama ko ɗaya ba. Ba ta zauna a layin gicciye ba, ba ta kuma karya har digiri 34 ba. Ta ratsa tsakiya, tsakiyar kuma rami ce. Ko da sama ya daka, in ya zuba ƙarfi, zaman da za ta yi a gicciye kafin ta karya zai iya kai ta bakin wannan ramin. Dukan tsakiya da yake ɗauka shi ne na zaman lafiya, a wannan zama shi ne mafi haɗari.

Dattijon ya ajiye kofi ya mayar da ƙwallayen yadda suke. Da farko ya daki ƙasa, ba can ƙasa ba, da ɗan kuzari. Ƙwallon ta faɗa, farar ta ɗan yi gaba a gicciye sannan ta karyo, ta ratsa teburin a kwance, ta taɓa bangon hagu tsakanin lungu da ramin tsakiya. Ja baya mai kyau a rabin ƙwallo haka yake yi, yakan fitar da farar kusan digiri 90 daga hanyar da ta taho. Sai ya ce a lura, wannan ma yana da nasa tarkon: ka ƙara sauka ƙasa, ka ƙara ƙarfi, za ta ƙara karyowa baya, kuma ramin tsakiya na nan yana jira.

Farar ta tsira, amma tana can nesa da baƙa. Sai ya sake jera su. A wannan karon sama ya daka, ya kuma ɗan matsar da bakin sanda hagu.

Gefe ba ya magana sai ya ga bango

Dukan gefe yana sa farar ta riƙa juyi a tsaye kamar katantanwa. Amurkawa Ingilish suke ce masa, ana cewa don a hannun 'yan wasan Ingila suka fara ganin sa. Kuma shi ne abin da aka fi yi wa mummunar fahimta a kowace rumfa. Za ka ga yaro yana son farar ta yi hagu bayan karo, sai ya daki hagu. Ba ta jin wannan. Juyin katantanwa a kan ɗan ɗigon da ƙwallon ke taɓa ƙyalle yake yi, ba ya tura ta ko'ina. Bayan karo farar za ta fita a layin gicciyen nan dai, sama da ƙasa ne za su lanƙwasa ta, gefen yana cikinta a ajiye kamar kuɗin da ba a kai kasuwa ba.

Kasuwarsa bango ce. Robar bango tana da ƙyalle, kuma ƙwallon tana nutsewa a cikinta, don haka tana kama juyin. Gwada ka gani: buga farar kai tsaye zuwa bangon can da dukan dama, za ta dawo ta damarka. Da dukan hagu, ta hagunka. In kuma a karkace ta shiga bangon, gefen yana iya zama mai rakiya ko mai birki. Mai rakiya shi ne wanda ya dace da inda ƙwallon ta nufa: yana buɗe kusurwar fita, ya ƙara mata gudu a gefen bango. Mai birki kishiyarsa ne, yana tsuke kusurwar, ya rage mata gudu.

A bugun dattijon, farar ta yanki ƙwallon tana mirginawa, ta nufi bangon can tana karkata hagu. Hagun da ya daka rakiya ce. Bangon can ya tura ta hagu, ta sami dogon bangon hagu, shi ma juyin ya dace da shi, ya cillo ta ƙasan teburi, ta gangaro ta zauna a inda baƙar ke kallon rami. Da dama ya daka, da ta fito daga bangon can a miƙe, a gajiye, ta mutu a can saman teburi. Hanyarta daga ƙwallo zuwa bangon farko ɗaya ce a duka biyun. Bambancin daga bango ya fara.

Amma gefe bashi ne, kuma ana biyan sa tun kafin karo. Sandar da ta daki hagu tana ɗan ture farar dama daga layin da ka saita. A gajeren bugu ba a lura, a dogon bugu mai ƙarfi yana iya kai faɗin yatsa biyu, wanda ya isa ya zubar da ci. A bugun da muke magana a kai, turewar dama tana nufin farar za ta sami ƙwallon da kauri fiye da rabi, ƙwallon ta daki bangon can maimakon rami. Sannan in gindin sanda ya ɗan ɗaga, kuma kusan kullum yana ɗage saboda katakon gefen teburi, farar takan lanƙwaso ta dawo ɓangaren da aka daka, musamman a bugu mai sanyi da nisa. Waɗannan biyun suna jan ta hannun riga, ƙarfi na taimakon na farko, sanyi na taimakon na biyu. Bayan su kuma ga na uku: a wurin karo, juyin yana ɗan jan ƙwallon da aka daka, dukan hagu ya kai ta dama, na dama ya kai ta hagu, kamar haƙoran giya biyu da suka haɗu. A bugu mai sanyi da ƙwallaye masu datti, jan nan kan kai kusan digiri biyar.

Shi ya sa ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Wanda bai iya tsayar da farar cak daga nisa uku daban-daban ba, bai kamata ya taɓa gefe ba. Kuma in farar ba za ta taɓa bango ba bayan karo, yawanci gefen da ka sa ba abin da ya sayo maka sai haɗarin kuskure. In za a sa, ɗan kaɗan ya isa, faɗin rabin bakin sanda zuwa ɗaya. Mafi yawan gefen da ake gani a rumfuna ma ba da niyya ake sa shi ba, hannu ne ke karkacewa. Hanyar kama kai tana da sauƙi: buga farar ita kaɗai ta tsakiyar teburi zuwa bangon can, ka bar sandarka a inda ta tsaya. In ta dawo ta sumbaci bakin sanda, tsakiya kake duka. In kullum ta gefe ɗaya take dawowa, ka gano ɓarawon da ke cikin hannunka.

Sai a kula da teburin kansa, domin lambobin nan na teburi mai lafiya ne. A wasu tebura masu cin kwabo, irin na Ingila, farar ta fi sauran ƙanƙanta da rashin nauyi, don injin ya ware ta ya mayar da ita idan ta faɗa. Irin wannan fara tana ja baya da sauƙi, amma bi yana yi mata nauyi, kuma takan ɗan fita bayan layin gicciye ko ba a sa mata komai ba. Ƙyallen da ya sha ƙurar hunturu ko ya ja danshin damina yana cin juyi da wuri, sai ja bayan da ya yi aiki jiya ya mutu a hanya yau. Sandar rumfa kuma, wadda fatar bakinta ta daskare ta yi ƙyalli kamar tafin guga, ba ta riƙe alli. A ɗan kankare ta da takardar yashi ta farfaɗo kafin a zargi hannu.

In ka je rumfa gobe, kafin a fara wasa ka roƙi mai teburi minti goma. Jera ƙwallo ɗaya yadda na kwatanta, 60 daga bangon can, 35 daga na dama, ka sa ɗan tabon alli a inda ita da farar suke don ka riƙa mayar da su. Buga sau biyar da sama a hankali, sau biyar da tsayarwa, sau biyar da ƙasa, kuma kafin kowane bugu ka ɗora yatsa a bango ka faɗa da baki inda farar za ta taɓa. Kada ka sa gefe sai yatsan nan ya fara faɗin gaskiya.